Sayar da gwanjo ta waya: ki zaɓa, ki ware, ki faɗi aibin kaya

Wadda ta shiga Kasuwar Ƙofar Wambai sayen gwanjo tana tafe da hannunta da hancinta. Za ta ɗaga riga ta duba a hasken rana, ta ja ɗinkin, ta sunsuna, ta kara a jikinta. Wadda za ta saya a wurinki ta WhatsApp ko Instagram kuwa hoto kawai take gani, sai ɗan abin da kika rubuta a ƙasansa. Duk binciken da za ta yi da kanta ya dawo kanki, kuma ladan wannan aikin ne ribarki. Zan ɗauki dogayen rigunan mata a matsayin misali tun daga farko har ƙarshe, amma tsarin ɗaya ne ko kayan yara ko rigunan sanyi za ki riƙa kawowa.

1. Ki tsaya a kan kaya iri ɗaya

Yau takalmi, gobe labule, jibi wandunan yara: mai yin haka ba ta sanin farashin ko ɗaya. Ki zaɓi iri ɗaya ki riƙe shi wata uku. A cikin wannan lokaci idonki zai san yadi mai kyau tun daga nesa, za ki san girman da ya fi tafiya, mutane kuma za su san abin da ake samu a wurinki.

Idan dogayen riguna ne, ki tuna wa za ki sayar wa. Yawancin kwastomominmu suna son riga ta sauka har idon sawu, hannu dogo, yadi kuma ba shara-shara ba. Riga mai kyau wadda ta tsaya a ƙwauri za ta daɗe a hanga.

2. Kada ki fara da dila, ki fara da zaɓe

Dila a ɗaure take zuwa, an matse ta da injin, wata kilo 45, wata 55, wata har 100. Ba a fasa ta sai an biya. Takardar da ke jikinta za ta ce lamba ɗaya, amma abin da ke ciki sai an yanke ɗaurin. Babban ɗan kasuwa yana iya jure dila ɗaya mara kyau saboda yana fasa goma. Ke mai ƙaramin jari, dila ɗaya ta isa ta cinye shi duka.

Ki je wurin masu fasa dila ki zaɓa da hannunki. A Kano akwai Ƙofar Wambai, a Kaduna Kasuwar Barci, a Jos Katako, a Abuja Karmo. Ki zaga, ki gano mutum biyu ko uku masu fasa irin kayanki, ki karɓi lambarsu, ki ce: "Alhaji, don Allah ranar da za a fasa ta dogayen riguna a sanar da ni." Ranar ki yi sammako. Zaɓen farko ya fi tsada, amma shi ne kayan da hoto ke sayarwa. Abin da ya rage da azahar yana da araha saboda hannu goma sun riga sun wuce ta kansa.

Wata 'yar magana: gwanjo yana cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta Najeriya ta hana shigowa da su. Saboda haka idan wani ya ce ki turo kuɗi zai sa a ɗauko miki dila daga Kwatano a rabin farashi, ki bar shi. Idan aka kama kayan a hanya, ko shi kansa ya ɓace, ba ki da inda za ki kai ƙara. Ki sayi abin da idonki ya gani a kasuwa.

3. Minti ɗaya ga kowace riga

Cikin rumfa akwai duhu, akwai turereniya. Ki tara waɗanda suka burge ki a hannu, ki fito bakin rumfa inda haske yake, sannan ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Ki riƙe tsari ɗaya kullum don kada ido ya tsallake wani wuri: wuya, hammata, gaban ƙirji, bakin hannu, mazauni, kalmasar ƙasa. Nan ne tabo da koɗewa ke zama.

Daga nan ki juya rigar ciki waje. Ki ja zif sama da ƙasa sau biyu. Ki ja robar ƙugu ki sake ta. Idan ba ta koma da sauri ba, ko kika ji tana ƙara kamar busasshen ganye, ta mutu. Ki ɗaga yadin tsakaninki da rana: ƙananan huji suna fitowa fili, za ki kuma gane ko shara-shara ne. Ki ɗan ja ɗinkin gefe. In zaren yadin yana buɗewa a gefen ɗinkin, yadin ya gaji, tela ba zai iya masa komai ba.

Akwai aibin da ake saya a gyara: maɓalli da ya cire, kalmasa da ta warware, dauɗar ƙasa ko ta kwalliya a wuya. Akwai wanda ake ajiyewa ko da kyauta ne: hammata da ta yi rawaya, ɗigon bilic da ya cinye launi, baƙaƙen ɗigo na ruma, da ƙunar dutsen guga. Waɗannan ba sa fita. Mai kaya zai ce, "Hajiya, wanki ɗaya ne zai tafi." Ki yi murmushi ki mayar masa.

4. Wanki da guga kafin komai

Kada ki yi hoto ko ki sa farashi sai kin wanke. Wanki ne ke nuna gaskiyar riga: wata ta zuba, wata ta tsuke, wani tabon ya fita, wani kuma da ƙura ta rufe ya bayyana.

Warin gwanjo daga feshin magani yake zuwa da daɗewa a matse cikin dila. Ki jiƙa kayan kamar awa ɗaya a ruwan sanyi da ɗan farin binega, rabin kofi a babban bokiti, sannan ki wanke da sabulu ki ɗauraye sosai. Masu duhu daban, masu haske daban, ja kuma shi kaɗai. Ki shanya a juye, inda iska ke kaɗawa. Kada ki rufe warin da turare. Ranar da kwastoma ta buɗe leda biyun za su tarye ta tare.

A wurin guga ki kula. Yawancin rigunan nan shifon ne ko yadi mai roba, wuta kaɗan suke so, kuma ta ciki ake goge su. Idan mai wanki za ki ba, ki tambaye shi da wane dutse yake aiki. Tartsatsi ɗaya daga dutsen gawayi ya isa ya huda shifon, rigar da za ki sayar da tsada ta koma ta gwanjon gwanjo.

5. Ki ware su gida uku, da dokar da ba ta canzawa

"Lamba ɗaya" a bakin 'yan kasuwa ba ta da ma'auni, kowa da tasa. Ke ki kafa naki, ki rubuta, ki liƙa a shafinki don kowa ya gani.

Lamba ɗaya ita ce rigar da kika bi ta ciki da waje ba ki sami komai ba: launi a tsaye, babu gyara, babu tabo. Lamba biyu ita ce wadda ta nuna an sa ta, ko tana da ƙaramin aibi da wanda ke tsaye gabanki ba zai lura ba, kamar ɗan laushin launi, ko maɓallin da aka sauya, ko ɗigo a cikin kalmasa. Lamba uku tana da aibin da ake gani amma ana iya sa ta a gida: tabo a gaba, gyaran tela da ya fito, koɗewa a kafaɗa. Abin da ya gaza haka ba ya hawa shafinki. Ki yi tsumma da shi, ko ki ba tela ya yanka.

In kina kokwanto tsakanin gida biyu, ki sauke rigar ƙasa. Kwastomar da ta biya kuɗin lamba biyu ta ga kamar lamba ɗaya za ta dawo da ƙawarta. Wadda abin ya zo mata akasin haka za ta ɗauki hoton rigar ta yaɗa.

Ki ba kowace riga lambarta a 'yar takarda, ki maƙala da fil: 01, 02, har 30. A littafi ki rubuta lambar, gidanta, awonta, aibinta da farashi. Ranar da mutum uku suka ce "waccan shuɗiyar" lokaci ɗaya za ki gode wa wannan littafin.

6. Farashi: lissafin riguna 30

Nan ne yawancin masu farawa ke zubar da ribarsu, don haka mu zauna a kai. Alƙaluman nan misali ne. Ki sa farashin kasuwarku na wannan makon a gurbinsu.

A ce kin zaɓo riguna 30 a kan naira 3,000 kowace, 90,000 ke nan. Kuɗin mota 3,000. Wanki da guga 6,000. Leda da takardun lamba 2,000. Data 2,500. Tela 1,500. Kashe-kashen sun kama 15,000, uwar kuɗinki ta zama 105,000. Wato kowace riga ta tsaya miki a 3,500, ba 3,000 da kika miƙa a kasuwa ba.

Bayan wanki kin ware: 8 lamba ɗaya, 14 lamba biyu, 6 lamba uku, 2 kuma sun lalace, ɗaya ta zuba, ɗaya ta tsuke. Wannan ba abin mamaki ba ne ko ga mai ido.

Yanzu dubi abin da zai faru in kika ce kowace riga 5,000. A takarda, 28 sau 5,000 ya ba da 140,000, sai ki ga riba. A zahiri kuwa, takwas ɗin nan masu kyau za su tafi a daren farko, 40,000. Sha huɗun za su bi a hankali, 70,000. Shidan kuwa babu mai ba da 5,000 a kansu. Kin tashi da 110,000, ribarki 5,000 da riguna shida da suka yi kwantai. Kin ba da mafi kyawun kayanki da araha, kin riƙe marasa kyau da tsada.

Ga yadda ya kamata. Lamba ɗaya 8,500, takwas sun ba da 68,000. Lamba biyu 5,500, sha huɗu sun ba da 77,000. Lamba uku 2,500, ƙasa da abin da suka tsaya miki, shida sun ba da 15,000. Jimla 160,000. Kada ki ji ciwon faɗuwar da kika yi a lamba uku, tun farko lamba ɗaya ce ke ɗauke da nauyinsu.

Amma kada ki rubuta 55,000 a matsayin riba tukuna. Kwastomominmu sai sun taya. A ce kin yi ragin 500 a riguna goma, 5,000 ta tafi. A ce uku daga lamba biyu sun ƙi tafiya sai da kika sauke su zuwa 3,000, wata 7,500 ta tafi. Abin da ya shigo 147,500, riba 42,500. Wannan ita ce ribar da za ki yi lissafi da ita.

Ki lura da wani abu a lissafin: takwas ɗin lamba ɗaya da bakwai daga lamba biyu sun ba da 106,500. Wato sai riga ta sha biyar ta fita kafin uwar kuɗinki ta dawo. Kafin nan duk alat ɗin da ya shigo jari ne, ba na anko ba ne, ba na cefane ba.

Ta ina 8,500 ta fito? Ki duba abu biyu. Na farko, nawa ake sayar da sabuwar riga mai kama da ita a kanti. In gwanjonki ya kusa wannan kuɗin, mutum sabuwa zai saya. Na biyu, nawa wasu masu sayarwa ta waya suka sayar da irinta, wato waɗanda aka rubuta an saya, don farashin rigar da ta yi wata biyu a shafi ba ya gaya miki komai. Kuma ki rubuta farashi a ƙasan hoto. "Ki zo ta ciki mu yi magana" yana korar mai kunyar tambaya, yana kuma cinye miki yini.

7. Awo da tef, kada ki dogara da lambar wuya

Gwanjo daga ƙasashe dabam-dabam yake zuwa, kowace da ma'auninta. Girman da Ingila ke kira 12, Amurka 8 take ce masa, Faransa 40. Babbar riga ta Sin sau da yawa matsakaiciya ce a wurinmu. Ga shi kuma an riga an sha wanke rigar, wataƙila ta tsuke.

Ki shimfiɗa ta a tabarma ko gado, ki auna da inci. Daga hammata zuwa hammata, ki ninka biyu, shi ne ƙirji. Haka ƙugu da mazaunai. Sai tsawo daga kafaɗa zuwa ƙasa, da tsawon hannu. Ki faɗa ko yadin yana miƙewa. Ki ce wa kwastoma ta ɗauko rigar da ke mata daidai ta auna haka ta gwada. Rabin rigimar "ba ta shige ni ba" a nan take mutuwa.

8. Ki nuna aibin kafin a tambaya

Hoto da safe ake yi ko bayan la'asar, kusa da taga ko a inuwar tsakar gida, a jikin farin bango. Ki goge idon kyamarar, ki kashe duk wani abin ƙara kyau. Idan rigar ruwan toka ce ta fito shuɗiya a waya, ki sake ɗauka, in ta ƙi ki rubuta ainihin launin. Kowace riga hoto huɗu: gaba, baya, yadin daga kusa, sai aibin.

Hoton aibin shi ne wanda hannu ke nauyin ɗauka, kuma shi ya fi muhimmanci. Ki sa yatsa ko kan tef a gefen wurin don a ga girmansa. Sannan a rubutu ki faɗi abu huɗu: mene ne, a ina yake, yaya girmansa, kuma me kika yi masa. Kalmomi irin su "kamar sabuwa" ko "ɗan tabo kaɗan" ba sa gaya wa kowa komai, domin kaɗan ɗinki ba shi ne nata ba. Ga yadda bayani mai amfani yake:

"Riga 14. Lamba biyu. Doguwa, ruwan ƙasa, auduga, tana da shafi. Ƙirji inci 42, tsawo 56, hannu 23, ba ta miƙewa. Akwai ɗigon tawada kamar ƙwayar gero a bakin hannun hagu ta ciki, na wanke bai fita ba, duba hoto na huɗu. An sauya maɓallin wuya. Naira 5,500."

Za ki ji tsoron cewa wannan zai kori masu saye. Zai kori wasu, kuma su ne waɗanda da sun saya za su dawo da rigar. Ki yi lissafin dawowa ɗaya daga wani gari: kuɗin aikawa, kuɗin dawowa, kwana huɗu na saƙonni, rigar ta sha hanya, ga kwastomar da ba za ta sake leƙo ki ba. Duk wannan a kan ɗigon da jimla ɗaya za ta wanke ki daga gare shi. Kuma ko ba lissafi, kin san ciniki da ɓoyayyen aibi ba ya albarka.

Gyara ma aibi ne da ake faɗa. In tela ya sa sabon zif ko ya ɗinke yaga, ki rubuta. In yadin shara-shara ne, ki ce sai da siket a ciki. In akwai tambarin wani babban kamfani a wuya, ki ce "tambarin da ke jiki ke nan" ki nuna hotonsa. Kada ki rantse cewa na asali ne, dila tana zuwa da jabu ita ma. Kuma kada ki ɗauko hoton wata mai talla sanye da irin rigar ki ce ita ce. Rigar da ke hannunki ita za a gani.

Hoton da kika sa a sitatus ɗin WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace da bayaninsa. Saboda haka kafin kwastoma ta tura kuɗi, ki sake aika mata hoton aibin a hirarku, ki ce: "Hajiya, kin ga wannan ɗigon ko? In ya yi miki, sai ki tura." Amsarta a rubuce ita ce shaidarki.

9. Kuɗi, aikawa, ƙorafi

Kada kaya su fita sai kin buɗe manhajar bankinki kin ga kuɗin da idonki. Hoton rasit da saƙon alat duk ana ƙirƙirarsu. "Ajiye mini" kuma ki sa masa iyaka, awa 24, in ba a biya ba ta koma kasuwa. Gwanjo ɗaya-ɗaya ne, rigar da aka riƙe kwana biyar ta rasa masu sonta na farko.

In ta tasha za ki aika, ki ɗauki hoton ƙunshin, ki tura wa kwastoma lambar direba da ta mota. Kuɗin aikawa a faɗe shi tun kafin ciniki ya faɗa.

Dokar mayarwa ki rubuta ta gajeriya. Aibin da kika faɗa, ko girman da kika ba da awonsa, ba a mayarwa. Aibin da ya tsallake idonki kuwa naki ne: ta turo hoto a cikin kwana biyu da karɓa, ki ba ta zaɓi, ko ragi, ko musanya, ko kuɗinta. Kada ki tsaya musu a kan abin da ke cikin hoto ƙarara.

10. Kayan da suka yi kwantai

Rigar da ta yi mako uku ba a taya ba, ki sake mata hoto a wani hasken. In ta ƙara mako biyu, ki sauke ta zuwa abin da ta tsaya miki. Lamba uku kuma ki haɗa su biyu-biyu ko uku-uku a matsayin kayan zaman gida, farashi ɗaya. Naira 3,000 a hannu tana sayo wata riga gobe, wadda ke rataye kuwa ƙura take sha.

Kafin ki koma kasuwa, ki buɗe littafin nan ki duba goman farko da suka fita: wane girma, wane launi, wane tsawo. Ki rubuta su a 'yar takarda, ki sa ta a jaka tare da tef ɗinki, ki kira mai dila ki ji ranar fasawa.